Turmi takwas a shafi, uku a shago

Adadin da mai saye yake gani a ƙarƙashin hoton atamfa a shafin intanet alkawari ne: ɗan kasuwa yana cewa duk wanda ya biya kuɗi yanzu, kayan nan nasa ne. Wanda yake ciniki a shafi kaɗai ba ya shan wahalar cika wannan alkawari, domin babu turmin da zai fita sai ta hannun manhajar da take riƙe da lissafi. Wanda kuma yake da shago a kasuwa, ga shafi a gefe, ƙofa biyu ya buɗe wa sito ɗaya, kuma mai gadin kowace ƙofa ba ya ganin abin da yake fita ta ɗaya ƙofar sai an zo an faɗa masa. Masu sayar da manhajoji kan tallata maganin wannan da cewa nan take lissafi zai daidaita. Ɗan kasuwar da ya gaskata maganar gaba ɗayanta zai wayi gari yana bai wa wata amarya haƙuri a waya, yana neman lambar asusunta don ya mayar mata da kuɗin ankon da ta riga ta sanar wa ƙawaye.

A ɗauki misalin wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ya buɗe shafi a kan WooCommerce, ya kuma ajiye wata manhajar rubuta ciniki a kan kanta, aka haɗa su biyun da wata ƙaramar manhaja mai kai saƙo tsakaninsu. Da safe akwai turmi 8 na wani zane da ake yayi, kuma duka ɓangarorin sun yarda 8 ne. Da misalin ƙarfe 11 sabis ya ɗauke a layin shagon, abin da ba baƙo ba ne a kasuwa mai cunkoso irin wannan. Ciniki bai tsaya ba. Yaron shago ya sayar da turmi 3, ya rubuta su yadda aka koya masa, manhajar kanta ta nuna saura 5. A daidai wannan lokaci wata mata a Abuja da wata a Kaduna suka sayi turmi ɗaiɗai ta shafi, shafin ya nuna saura 6. Turmi 3 ne suka rage da gaske, amma babu allon da yake nuna haka.

Abin da zai faru idan sabis ya dawo bayan azahar ya dogara ne ga irin maganar da manhajojin biyu suke yi wa juna, kuma wannan ita ce tambayar da ba kasafai ɗan kasuwa yake yi wa mai haɗa masa na'ura ba. Wasu manhajojin suna aika jimla ne, wato kanta ta ce wa shafi: mayar da adadinka 5. Shafin ya goge 6 ya rubuta 5, cinikin mutuniyar Abuja da ta Kaduna ya ɓace daga ƙidaya, aka sami turmi 2 na iska waɗanda wani zai biya kuɗinsu kafin magariba. Idan shafin ne ya rinjayi kanta, adadin ya zama 6, ɓarnar ta ƙaru. Wasu manhajojin kuwa motsi suke aikawa: kanta ta ce an cire 3, shafi ya ce an cire 2, a ɗebe duka daga 8, a sami 3. Wannan ta biyun ce kaɗai take iya tsallake ɗaukewar sabis ba tare da ta yi ƙarya ba, kuma duk wata manhajar da ba ta yin haka ba ta dace da shagon da intanet ɗinsa yake zuwa yana tafiya ba, kome kyan fuskarta.

Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja zai gane wace iri aka saka masa ba. Ya zaɓi kaya ɗaya, ya kashe intanet ɗin kanta, ya rubuta cinikin guda ɗaya a can, ya sa wani ya yi odar guda ɗaya ta shafi, sannan ya kunna. Idan adadin ya ragu da 2, motsi ake aikawa. Idan ya ragu da 1 kacal, jimla ake aikawa. Gwajin bai wuce minti goma ba, kuma kamata ya yi a yi shi kafin a biya kuɗin aiki. Akwai kuma alamar da take fitowa daga baya a tarihin kaya: adadi ya hau sama ba tare da an sauke dila ko wani ya dawo da kaya ba. Atamfa ba ta haihuwa a sito. Duk inda aka ga haka, wani ɓangare ne ya danne lissafin ɗan'uwansa.

Sai dai ko manhajar da take aika motsi ba ta kare mai shago daga abin da ya faru a cikin waɗannan sa'o'i biyu ko uku ba. Da a ce turmi 4 ne da safe maimakon 8, da an sayar da 5 daga cikin 4, kuma lissafi mai gaskiya zai tabbatar da hakan ne kawai bayan aikin gama ya gama. Haɗa kanta da shafi a kan manhaja guda, kamar yadda Shopify yake yi da manhajarsa ta shago, yana rage wannan tazara ƙwarai, kuma wanda yake da hali ya fi masa alheri ya bi wannan hanya da ya riƙa ɗinka manhajoji biyu. Amma ita ma sai da intanet take jin labarin kanta. Tazarar tana nan, ƙanƙancewa kawai take yi.

Saboda haka shafin bai kamata ya faɗi duk abin da ke sito ba. Ya kamata ya riƙa rage wani abu da gangan, gwargwadon abin da kanta take iya sayarwa a cikin tazara mafi tsawo da aka saba gani. Idan sabis kan ɗauke na sa'o'i uku a mummunar rana, kuma zanen da ake yayi yana fita turmi ɗaya a sa'a, to turmi 3 na ƙarshe na shago ne, shafin ya rubuta cewa kaya sun ƙare tun suna nan. A WooCommerce akwai `Out of stock threshold`, wanda yake zuwa a kan 0. Idan aka ɗaga shi, shafin zai ɗauki kaya a matsayin sun ƙare da zarar sun sauko wannan adadi, sai dai lamba ɗaya ce da take hawa kan dukan kayan shagon. A Shopify ana iya ware wani adadi a ƙarƙashin `Safety stock`, a bar shi cikin `On hand` amma a cire shi daga `Available`.

Akwai mai cewa wannan asara ce da hannu: ga kaya a ajiye, ga mai saye a shafi, an ce masa babu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ga kayan da suke fita sau ɗaya a mako ba ta da amsa. Leshi mai tsada da aka kawo guda 3 kacal ba a ɓoye masa 3. Amma ga kayan da suke gudu, asarar biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Turmin da aka ɓoye wa shafi zai fita ta kanta kafin a tashi kasuwa, ribarsa ba ta tafi ko'ina ba. Turmin da aka sayar alhali babu shi yana jawo mayar da kuɗi, da kiran waya, da mai sayen da ta fara jin tsoron tura kuɗi ga wanda ba ta taɓa gani ba, aka kuma tabbatar mata da tsoronta a cinikin farko. A ƙasar da mutane da yawa suke ɗari-ɗari da biyan kuɗi kafin su ga kaya, wannan ba ƙaramin tabo ba ne. Ɗan Kwari zai ce ai sai ya leƙa shagon maƙwabci ya ɗauko, kuma sau da yawa hakan yana fitar da shi kunya. Amma zanen da ya ƙare a wurinsa saboda ana rububinsa, shi ne wanda maƙwabcin ma zai ɗora wa kuɗi, in ma yana da shi.

Duk wannan ya ginu ne a kan zaton cewa yaron shago yana rubuta kowane ciniki, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Na'urar karɓar kuɗi da kati da take kan kanta ta san nawa aka biya, ba ta san me aka ɗauka ba. Saƙon banki da yake shigowa wayar maigida shi ma kuɗi kawai yake ƙirgawa. Mutum zai iya daidaita kuɗinsa har kwabo a ƙarshen yini, alhali lissafin kayansa ya karkace da turmi goma. Ga kuma hanyoyin da kaya suke fita daga shagon Bahaushe waɗanda mai rubuta manhaja a wata ƙasa bai taɓa tunaninsu ba. Dillali ya ɗauki turmi 5 zai nuna wa baƙo a wani layi. An aika kala shida gidan wata Hajiya ta zaɓa, sauran su dawo gobe ko jibi. Tsohon abokin ciniki ya kira ya ce a ajiye masa 4, zai aiko direba. Wata ta ga hoto a Instagram, ta yi ciniki ta WhatsApp, ta tura kuɗi, ba ta taɓa shiga shafin ba. A duk waɗannan babu rasit a lokacin da kayan suka bar hannu, amma shafin yana ci gaba da yi wa duniya alkawarinsu.

Hana waɗannan al'adu ba zai yiwu ba, kuma bai ma dace ba, domin da su kasuwar take numfashi. Abin da ake buƙata shi ne a ba su gurbi a lissafi. Kayan da suka fita gani ko aka ce a ajiye, a buɗe musu oda da sunan wanda ya ɗauka tun kafin su ƙetare ƙofa, yadda za su fita daga abin da shafin yake nunawa. In sun dawo a soke odar, adadin ya koma. Cinikin WhatsApp ma a shigar da shi a matsayin oda kafin a ce wa mai saye ta tura kuɗi. Aiki ne na daƙiƙa talatin, amma sai maigida ya fara yi da kansa. Shagon da Alhaji yake zaro turmi ya miƙa wa surukinsa ba tare da ya rubuta ba, ba shi da bakin tuhumar yaro.

Akwai kuma kuskuren da yake tafiya ta ɗaya ɓangaren, inda shafi yake ɓoye kayan da suke nan. A WooCommerce, odar da aka fara ba a biya ba tana riƙe kaya na ɗan lokaci, gwargwadon abin da aka saka a `Hold stock (minutes)`, wanda yake zuwa a kan minti 60, daga nan ta soke kanta. Amma idan mai saye ya zaɓi biya ta hanyar tura kuɗi zuwa asusun banki, odar takan shiga `On hold`, a cire kayan daga adadi, kuma wancan agogon ba ya aiki a kanta. Tana nan har sai mutum ya taɓa ta. Tun da tura kuɗi ta banki hanya ce da masu saye da yawa a Nijeriya suka fi sabawa da ita, shago zai iya tara oda goma sha biyar na mutanen da suka danna suka fasa, shafin yana cewa zane ya ƙare alhali yana jibge. Wanda ya ga shafinsa yana nuna ƙasa da abin da ke kan kanta, jerin `On hold` zai fara dubawa, kuma ya kamata shago ya yanke wa'adi, yini ɗaya misali, ya rubuta shi a fili inda mai saye zai gani.

Gargaɗin ƙarewar kaya shi ne ɓangaren da aka fi bari yadda aka same shi. WooCommerce yana zuwa da `Low stock threshold` a kan 2, wato zai aika imel idan kaya suka sauko guda 2. Lambar ba ta san abin da ake sayarwa ba, ba ta san daga ina ake sarowa ba. Ga leshin da yake fita sau ɗaya a mako, guda 2 na nufin mako biyu na sararawa. Ga farar shadda da ake yanka yadi-yadi, yadi 2 ba ya ɗinka wa babban mutum riga da wando, balle ya jira mota daga Legas. Gargaɗi yana da amfani ne idan ya zo da sauran lokacin da za a yi wani abu a kai, don haka da kwanaki ake auna shi, sannan a mayar da kwanakin zuwa adadi.

A koma shagon nan. A ce farar shadda tana fita yadi 20 a rana idan aka haɗa kanta da shafi, kuma daga ranar da aka kira mai kawowa zuwa ranar da aka sauke kaya kwana 5 ne. A cikin kwanakin jira za a sayar da yadi 100, saboda haka duk gargaɗin da ya zo a ƙasa da 100 ya makara ko da kome ya tafi daidai. Kome kuwa ba ya tafiya daidai kullum. Mota takan yi kwana 8, kuma akwai ranakun da ake yanka yadi 30. Idan biyun suka haɗu, yadi 240 ake buƙata. Mai jari da yawa zai saka gargaɗinsa kusa da 240. Wanda kuɗinsa ba su kai su kwanta a farar shadda haka ba zai tsaya wajen 150 ko 160, ya san cewa ya karɓi wani kaso na haɗari da idonsa a buɗe. Ko wanne ya zaɓa, yana nesa da 2. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki saurin ciniki daga rahoton shafi kaɗai, alhali kanta ce take cin kaso mafi girma.

Shadda tana da wata matsalar ta daban. Manhaja za ta ce akwai yadi 23, mai saye ya yi odar yadi 10 na babbar riga, a je a tarar guntaye ne: 7, da 6, da 6, da 4. Jimlar gaskiya ce, amma babu yadi 10 a haɗe. Shagon da yake yankan yadi ya fi samun kwanciyar hankali idan ya sayar a shafi da ƙayyadaddun yanka, yadi 5 ko yadi 10, kowanne da lambar kayansa, ya cire guntayen daga lissafin shafi gaba ɗaya ya bar wa kanta, inda mai saye yake gani da idonsa.

Lambar gargaɗin kuma ba ta zama daram duk shekara. Idan azumi ya kama, kayan sallah suka motsa, shaddar da take fita yadi 20 tana iya ninkawa, teloli kuma suna rufe karɓar ɗinki tun kafin goman ƙarshe, don haka kayan da suka iso a makare sun rasa kasuwarsu. Manhajojin da suke hasashe daga cinikin bara suna kwatanta watan Maris da watan Maris, alhali sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A cikin shekara uku ta bar watan da aka san ta a ciki. Da kalandar Musulunci ya kamata a riƙa waiwayar cinikin bara, a ɗaga lambobin tun a Sha'aban, a sauke su bayan babbar sallah. Wanda kayansa suke fitowa daga Sin yana da kalanda ta uku da zai duba, domin masana'antun can suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu. A 2026 bikin ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu, dab da shigowar azumi, wato lokacin jira ya tsawaita a daidai sa'ar da buƙata ta tashi.

Ba kowane kaya ne ya cancanci gargaɗi ba. Shago mai zane 400 da ya saka wa kowanne lamba ɗaya zai riƙa samun saƙo da yawa a rana, kuma cikin mako biyu babu mai buɗe su. Yawancin zanen yayi ma ba a sake saro su. Idan dilar ta ƙare, ta ƙare. Gargaɗi a kan irin wannan zane ma'anarsa daban: a dakatar da tallan da ake biya a kansa, a daina karɓar odar anko, domin amaryar da ta ɗauki turmi 12 yau za ta dawo neman ƙarin 8 mako mai zuwa. Gargaɗin sake saro kaya na 'yan kayan da ba a son su yanke ne, farar shadda, baƙar shadda, yadin makaranta a lokacinsa, waɗanda da wuya su wuce ashirin ko talatin. Waɗannan su ne za a zauna a yi wa lissafin kwanaki ɗaya bayan ɗaya, tun da WooCommerce yana barin a saka wa kowane kaya lambarsa.

Sai kuma inda saƙon yake sauka. Akwatin `Notification recipient(s)` sau da yawa yana ɗauke da adireshin imel na matashin da ya gina shafin, wanda aka rabu da shi tun bara. Ko an gyara, imel ba wurin da ɗan kasuwar Kwari yake kwana ba ne. Gargaɗin ya kamata ya isa ga mutumin da yake da ikon kiran mai kawo kaya, ta hanyar da yake dubawa, ko kuma a ɗora wa wani yaro duba jerin kayan da suka yi ƙasa kowace safiya kafin a buɗe ƙofa.

Gargaɗin da aka lissafa da kyau ma yana dogara ne ga adadin da ke cikin manhaja, adadin kuwa yana karkacewa a hankali ko da kowa yana da gaskiya: an rubuta ja a maimakon jan da ya fi duhu, an dawo da turmi ba a shigar ba, ruwa ya taɓa guda biyu a damina. Rufe shago a yi ƙidayar shekara ba ya kama wannan da wuri. Abin da yake kamawa shi ne a ƙirga kala goma kowace safiya, a fara da masu gudu da waɗanda suka kusa ƙarewa, domin a turmi 60 kuskuren guda 2 ba ya cutar da kowa, a turmi 3 kuwa shi ne bambancin cika alkawari da saɓa shi. A rubuta bambancin da aka samu da dalilinsa kafin a gyara adadin. Idan bayan wata guda aka ga gibin yana yawan fitowa ranar Asabar, ko a kan kayan da dillalai suka fi ɗauka, an san ƙofar da za a sa wa ido.